Wasan Tsakuwa da Gurbi: Yadda Ake Koya wa Yaro Jin Sautin da Ke Cikin Harafi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa giftawa ta bayan ajin farko na firamare ya ji yara suna rera "ba, bi, bo, bu, be" da murya ɗaya. Amma sau da yawa idan aka ware yaro ɗaya daga cikinsu, aka rubuta masa kalmar da bai taɓa gani ba, sai ya yi shiru ko ya kama cinke. Dalili shi ne, ya haddace "ba" a dunƙule, bai gane cewa sauti biyu ne suka haɗu a cikinta ba, wato baƙi da wasali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sautuka shi masana harshe ke kira ƙwayar sauti, kuma rubutun boko gaba ɗaya a kanta aka gina shi. Wannan darasi zai nuna wasa guda wanda ke buɗe kunnen yaro ga ƙwayar sauti, sa'an nan ya ɗaura ta a kan harafi.

Abin da bincike ya nuna

Rarrabe ƙwayar sauti ba ya zuwa wa mutum haka kawai don ya girma. A shekarar 1979, José Morais da abokan aikinsa sun gwada wasu manyan mutane a ƙasar Fotugal. Waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba sun sha wuya wajen cire sautin farko daga kalma, alhali waɗanda suka koyi karatu da girmansu sun fi su iyawa nesa ba kusa ba. A shekarar 1983 kuma, Lynette Bradley da Peter Bryant na Jami'ar Oxford sun bayar da rahoton horon da suka yi wa wasu yara na rarraba kalmomi bisa sautinsu. Yaran da aka haɗa musu wannan horo da haruffan roba, suna ji suna taɓawa, su ne suka fi ci gaba a karatu da rubutu. Ke nan kunne shi ne mafari, amma sai an haɗa shi da harafi ake cin cikakkiyar riba.

Kayan aiki

Asalin wannan wasa dabara ce ta wani masanin halayyar yara ɗan ƙasar Rasha mai suna Daniil Elkonin, wanda ya yi amfani da zanen akwatuna a jere. A wurinmu ana iya tona gurabu huɗu a ƙasa, irin na dara, daga hagu zuwa dama. Kowane yaro ya sami tsakuwa biyar. A yanka kwali ƙanana, a rubuta harafi ɗaya a kan kowane. A fara da haruffa shida kawai: m, n, r, s, a, i. An zaɓi waɗannan baƙaƙe ne domin ana iya jan sautinsu, kamar "mmm" da "sss". Baƙaƙe irin su b, d da k kuwa ba sa jawuwa, kuma da wuya a furta su ba tare da wasali ya biyo baya ba, don haka a bar su sai gaba. Yara huɗu zuwa shida sun isa rukuni guda, minti 10 zuwa 15 kuma ya isa zama guda.

Yadda ake wasan

Mu ɗauka malama tana zaune da yaro ɗan shekara shida. Ta faɗi kalmar "rana" yadda aka saba faɗinta, sa'an nan ta ja ta a hankali: "rrr-aaa-nnn-aaa". Aikin yaro shi ne ya jefa tsakuwa ɗaya a gurbi duk lokacin da ya ji sauti ya sauya. Amsar daidai ita ce tsakuwa huɗu.

Galibi a karon farko yaron zai sa biyu ne kawai, ɗaya don "ra", ɗaya don "na". Wannan ba rashin fahimta ba ne. Gaɓa yake ƙirgawa, domin gaɓa ita ce kunne ya fi saurin kamawa. Kada malama ta ce masa ya yi kuskure. Sai ta faɗi "rana" da "rina", ta tambaye shi ko abu ɗaya ne. Zai ce a'a. Ta sake tambaya: to, ina ne suka bambanta, a farkon farko ko bayansa kaɗan? Idan ta ja "rrr" a duka biyun, yaron zai ji cewa mafarinsu ɗaya ne, abin da ya biyo baya ne ya sauya. Daga nan ya gane cewa "ra" gurbi biyu take ci.

Da zarar ya cika gurabu huɗu daidai, sai a shiga mataki na biyu. Malama ta nuna tsakuwar farko ta ce, "Wane sauti ne wannan?" Ya ce "rrr". Ta ba shi kwalin r ya ɗora a madadin tsakuwar. Haka za a bi har kalmar ta tsaya a rubuce. Sai ya bi ta da yatsa daga hagu zuwa dama, yana haɗa sautukan ba tare da yankewa ba.

Mataki na uku shi ne musaya. A ce masa ya mai da "rana" ta koma "rani", sa'an nan "rani" ta koma "rami", yana sauya kwali ɗaya tak kowane karo.

Wuraren da ake tuntuɓe

Na farko, tagwayen baƙaƙe. Kalmar "shara" haruffa biyar ce a rubuce, amma sautinta huɗu ne. Saboda haka a rubuta sh a kan kwali ɗaya, haka ma ts, kada a raba su. Jerin "sara, shara, tsara" yana nuna wa yaro wannan sarai, domin gurbin farko kaɗai ke sauyawa.

Na biyu, haruffa masu ƙugiya. Yaro Bahaushe ba ya rikita "kafa" da "ƙafa" a magana, amma idonsa yakan tsallake ƙugiyar. A ba shi kwalin k da na ƙ, a riƙa faɗin "kare, ƙare" ko "baki, baƙi", yana ɗaga wanda ya ji. Haka za a yi wa d da ɗ da kalmomin "fada" da "faɗa".

Na uku, tsawon wasali. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi, shi ya sa ake rubuta garin da ake zama da garin tuwo iri ɗaya. Yaro mai kaifin kunne yana iya sa wa dogon wasali tsakuwa biyu. A gaya masa ya ji daidai, amma a rubutu gurbi ɗaya yake ci.

Kammalawa

Yaya za a san wasan ya kama? A jera wa yaro kalmar da ba a yi wasa da ita ba, daga cikin haruffan nan shida, alal misali "sani", "nama" ko "sama". Idan ya bi ta sauti bayan sauti ya fito da kalmar, to a ƙara masa sabon harafi. Idan ya furta sautukan daidai amma ya kasa haɗa su, a koma kan gaɓa guda, kamar "sa", a ja ta ba yankewa. Idan kuwa ya dubi harafin farko ya yi cinke, a kife kwalayen a mayar da tsakuwa. Wasan nan tsani ne kawai: ranar da yaro ya fara karanta gajerun jimloli da kansa, sai a ajiye tsakuwa a miƙa masa littafi. Ɗaliban sakandare masu ƙanne a gida suna iya gwada shi da kalmar "rana" tun yammacin yau.