Darasi: Yadda Za A Gane Ɗanyen Naman Kaza Mai Kyau Da Wanda Ya Lalace

'Yan'uwa manoma da matan gida, a dā in za a ci kaza a gida ake kama ta, a yanka, a fige, a dafa nan take. Yanzu kuwa a kasuwannin Funtuwa da Malumfashi da Bakori ana sayar da kaji yankakku, figaggu, har da na cikin ƙanƙara. Mai saye bai ga lokacin da aka yanka ba. Saboda haka dole ya san yadda zai bincika da idonsa da hannunsa da hancinsa kafin ya biya kuɗi.

Abin da ke lalata naman

Da zarar an yanka kaza, ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani sukan hau naman daga gashinta da hanjinta, da wuƙa, da ruwan figa, da hannun mai aikin. Kowace ƙwaya takan rabu biyu, biyun su zama huɗu. Cikin zafin bazara, a watan Maris da Afrilu, yawansu yana iya ninkawa duk bayan rabin sa'a.

A bisan fata suke fara zama, musamman inda ke da laima. Don haka lalacewa takan soma a ƙarƙashin fiffike, da matsematsin cinya, da wuya inda aka yanka, da cikin ciki, da gefen dubura. Ƙirji shi ne ƙarshen nunawa, shi ne kuma mai sayarwa yake juyowa sama a kan tebur. In za ka bincika, ka ɗaga kazar ka duba waɗannan wurare biyar.

Na ɗaya: launi

A yi dubawa cikin hasken rana. Hasken fitila yakan ɓoye launi.

Tsokar kazar gidan gona mai kyau fara ce mai ɗan ja-ja, tana da sheƙi kaɗan. Tsokar kazar Hausa ta fi ta duhu, musamman cinya, domin tana yawo tana kiwo. Wannan duhu ba aibi ba ne. Haka kuma kazar da ta ci jar masara fatarta da kitsenta sukan yi rawaya, wannan ma ba kome.

Launin da za a guje shi ne toka-toka marar sheƙi, da kore-kore. In ka ga kore a fatar ciki kewaye da dubura, ruɓewa ce ta taso daga hanji, yawanci don an bar kayan ciki sun daɗe ba a cire ba. Amma akwai wani koren dabam. In maɗaciya ta fashe wajen fiɗa, takan bar tabo kore a jikin hanta da naman da ke kusa da ita. Wannan tabo wuri ɗaya yake tsayawa, ba ya wari, ɗaci kawai gare shi. Sai a yanke wurin a yar.

Da hunturu iska takan busar da fatar kazar da aka ajiye a fili, ta yi duhu-duhu kamar takarda. Bushewa ce kawai. Amma busasshiyar fata tana iya ɓoye abin da ke ƙasa, sai a buɗe fiffike a duba.

Akwai launi ɗaya kuma da ya kamata kowa ya sani, wato na mushe. Kazar da ta mutu kafin a sa mata wuƙa jininta ba ya fita. Fatarta takan yi ja ko shuɗi-shuɗi, tsokarta ta yi duhu, jijiyoyin ƙarƙashin fiffike su cika da baƙin jini, bakin yankan kuma ya tsaya sumul babu jini da ya shiga naman gefensa. Kada a saya kome arharta. Da hunturu annoba takan kashe kaji da yawa, kuma tun watan Fabrairu na 2006 da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, ciwon yakan sake ɓullowa lokaci lokaci. Zanko mai shuɗi da jan tabo a ƙafafu suna cikin alamunsa. Irin wannan kaza ba a figarta ma, sai a sanar da malamin dabbobi.

Na biyu: taɓawa

Ka danna tsokar ƙirji da ɗan yatsa, ka ɗaga. Nama mai kyau yana da ƙarfi, ramin yakan cike nan da nan. In ramin ya zauna, tsokar ta yi laɓo-laɓo, fata tana saɓulewa da ɗan ja kaɗan, naman ya daɗe.

In ka tarar kazar ta sanƙare, ƙafafu ba sa lanƙwasuwa, kada ka tsorata. Haka kowace kaza take yi cikin sa'o'in farko bayan yanka, daga baya ta sake.

Sai ka shafa ƙarƙashin fiffike, ka murza yatsunka biyu. Laima irin ta ruwa daidai ne. Amma in ka ji yauƙi kamar na kuɓewa, ko danƙo yana riƙe yatsunka, to ƙwayoyin sun yi yawa har sun zama shimfiɗa a kan fatar. Wanki yakan rage yauƙin na ɗan lokaci, amma ba ya gyara naman. Saboda haka ka yi hankali da kazar da ka tarar an jiƙa ta sharkaf da yamma. Bayan taɓawa a wanke hannu da sabulu.

Na uku: wari

Sabuwar kaza ba ta da wari, sai ɗan ƙarnin jini da na ruwan figa. Ka buɗe cikin ka sansana, domin can ne wari yake fara taruwa. Iri uku ne za ka guje: tsami kamar na nonon da ya kwana biyu, da ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, da wari mai hawa hanci kamar na tsohon fitsari.

Kazar da aka ƙulle a leda takan yi ɗan wari in an buɗe. A fitar da ita a ba ta minti goma a inuwa. In warin ya tafi, na ledar ne. In yana nan, na naman ne. Ita kuma kazar ƙanƙara sanyi yakan danne warinta, ba za a ji ba sai ta narke. Kafin nan a duba ledar. In akwai jan ruwa da ya daskare a gindinta, alama ce kazar ta taɓa narkewa aka sake daskarar da ita, kamar yadda yakan faru in wuta ta daɗe a ɗauke.

Misali

Mu ce an aiki wata uwargida daga ƙauye ta sayo kaji uku a Funtuwa don abincin biki, cikin watan Afrilu. An yanka su da ƙarfe 9 na safe. Ta ƙulle su a baƙar leda ɗaya, ta ci gaba da cefane, ta jira mota, ta isa gida ƙarfe 3 na yamma.

Mu yi lissafi. A ce a wurin da bai fi faɗin farcen ɗan yatsa ba akwai ƙwayoyi 10,000 lokacin da aka gama figa, suna ninkawa duk rabin sa'a. Da ƙarfe 11 sun kai 160,000. Da ƙarfe 1 sun wuce miliyan 2 da rabi. Da ƙarfe 2 sun haura miliyan 10, kuma wajen wannan adadi ne hanci yake fara jin wari. Yauƙi yakan biyo baya in sun kusa miliyan 100. Ku lura, da ƙarfe 1 hanci bai ji kome ba tukuna, alhali ƙwayoyin sun riga sun ninka sau 256.

Ta buɗe leda. Kaza ta farko ba a cire kayan cikinta ba. Gefen dubura ya yi kore, ciki yana ɗoyi. Wannan sai rami. Ta biyu launinta daidai ne, amma ƙarƙashin fiffike yana danƙo, ciki yana tsami. Ita ma sai rami. Alama ɗaya ta isa, ba sai ukun sun haɗu ba. Ta uku ba wari, ba yauƙi, launinta lafiya. Ita ce mai wuyar hukunci, domin ido da hanci sun wanke ta, amma agogo bai wanke ta ba. Ta yi sa'a 6 cikin zafi, a leda ɗaya da ruɓaɓɓu, ruwansu ya taɓa ta. Abin da ya fi shi ne a haƙura da ita. Kuɗin kaji uku bai kai kuɗin asibitin mutum ashirin ba.

Da ta sayo kajin da rai cikin kwando aka yanka a gida ƙarfe 3, da ba ta yi hasarar ko ɗaya ba.

Iyakar wannan bincike

Ƙwayoyin da ke sa wari dabam ne da waɗanda suka fi kawo zawo da amai da zazzaɓi. Irin su Salmonela ba su da wari, ba sa canza launi, suna iya kasancewa a kan kazar da aka yanka yanzun nan. Wuta ce maganinsu. A dafa har tsakiyar cinya ya kai digiri 75 a ma'aunin zafi. In babu ma'auni, a tsaga cinya har ƙashi, a ga tsokar ta nuna sarai, ruwan da ke fita kuma ba ja.

Amma wuta ba ta gyara naman da ya riga ya lalace. Wasu ƙwayoyi sukan bar dafi a cikin nama wanda tafasa ba ta kashe shi. Yaji da citta da suya cikin mai wari kawai suke rufewa. Kuma kada a ɗanɗana ɗanyen nama don gwaji.

Ga ƙa'idar lokaci. Ɗanyen naman kaza kada ya wuce sa'a 2 a waje, in kuwa zafi ya haura digiri 32, sa'a 1. A firij mai sanyin da bai wuce digiri 5 ba, kwana 1 ko 2. Inda babu wuta, a cire kayan ciki nan take bayan figa, a dafa ko a soya ba tare da jinkiri ba. Naman da aka ƙi, a binne shi da zurfi inda kare da yara ba za su tono ba.

In wani ya yi zawo da amai bayan cin kaza, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari. In jariri ne, ko tsoho, ko mai juna biyu, ko an ga jini a bayan gida, a kai shi asibiti ba da ɓata lokaci ba.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. Waɗanne wurare biyar ne za a fara dubawa a jikin kaza?
2. Yaya za a bambanta koren maɗaciya da koren ruɓewa?
3. Me ya sa aka ƙi kaza ta uku a misalinmu, ko da yake ba ta wari?
4. Daga kasuwar da kuke ci zuwa garinku sa'a nawa ne? Wace dabara za ku yi don nama ya iso lafiya?