Harshen Damo a Rubutacciyar Hausa: Wakilin Suna da Bayanau Marasa Madogara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyi biyu da jimlar da ba ta saɓa wa nahawu ba kan ɗauki ma'ana biyu a rubutun hukuma da na ilimi: wakilin sunan da ba a san wanda yake wakilta ba, da kuma yankin bayanau da ya manne wa sunan da ba shi aka nufa ba. An nuna cewa tushensu ɗaya ne, wato gazawa ko ɓacewar lamirin da ke fayyace mai aiki, sannan an kawo hanyoyin gyara. Misalan duk ƙirƙirarru ne, an gina su a kan irin jimlolin da ake cin karo da su a rahotanni da kundayen bincike.

1.0 Inda jinsi ya gaza

Hausa tana da gata wajen bin sawun mai aiki, domin kusan kowace ganga tana ɗauke da lamiri mai nuna jinsi da adadi. A jimlar "Malam ya gaya wa ɗalibar cewa ta makara" babu wanda zai ruɗe, saboda ya da ta sun raba gardama. Wannan gata ne kuma ke sa marubuci sakin jiki, ya manta cewa lamirin yana aiki ne kawai idan sunayen da ke gabansa sun bambanta. Da zarar an sami sunaye biyu masu jinsi ɗaya da adadi ɗaya, sai ya zama ba shi da ta cewa.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne kowane tilon suna a Hausa yana da jinsi, ko na mai rai ne ko na maras rai. Galibin sunayen da suka ƙare da wasalin a mata ne, in ban da irin su gida da ruwa da nama, haka kuma sunayen garuruwa da ƙasashe. Saboda haka mace da dabba da mota da ma'aikata duk suna rabon ta guda ɗaya:

(1) Matar ta sayar da saniyar saboda ta daina ba da nono.

Mai karatu zai gane cewa saniyar ake nufi, amma sai bayan ya murmusa. Hankali ne ya cece shi, ba ginin jimlar ba. A rubutun hukuma kuwa hankali ba ya yin wannan ceto, domin hukuma da gwamnati da majalisa da jami'a da ƙungiya duk mata ne, kuma kowace tana iya aikata abin da ɗayar ke aikatawa:

(2) Hukumar ta rubuta wa makarantar bayan ta karɓi kuɗin jarrabawa.

Wa ya karɓi kuɗin? Idan hukumar ce, wasiƙar shaidar karɓa ce. Idan makarantar ce, wataƙila wasiƙar tuhuma ce. Gyaran da ya fi dacewa da bakin Bahaushe shi ne a haɗa wakilin suna da sunan kansa: "bayan ita makarantar ta karɓi kuɗin jarrabawa". Wasu marubuta na ƙyamar wannan gini suna ganin maimaici ne. Ba su da hujja: haka dattijo ke yi a zaure in zance ya haɗa mutum biyu, ya ce "shi ƙanin" ko "ita uwargidan", kuma ba a taɓa jin an ce ya yi surutu ba.

2.0 Gonar wa?

Ga jimlar da za a iya samu a rubutaccen bayanin mai shaida a shari'ar gado:

(3) Marigayin ya shaida wa ƙaninsa cewa gonar tasa ce.

Kalmar tasa tana da sassa biyu. Ta- ta dace da abin da aka mallaka, wato gona, wadda take mace. -sa kuma ya dace da mai mallaka, namiji tilo. To, maza biyu ne a jimlar. Idan -sa ya koma ga marigayin, gonar tana cikin dukiyar da magada za su raba. Idan ya koma ga ƙanin, marigayin ya yi iƙirari ne cewa gonar ba tasa ba ce, kuma 'ya'yansa ba su da rabo a ciki. Wanda ya faɗi maganar ba ya raye balle a tambaye shi.

Abin lura shi ne a bakin marigayin babu harshen damo ko kaɗan. Ko dai ya ce "gonar tawa ce" ko ya ce "gonar taka ce". Ruɗanin ya shigo ne a lokacin da mai rubutu ya juya maganar zuwa zancen rahoto, inda mai magana da wanda ake yi wa magana suka narke suka zama mutum na uku. Don haka gyara mafi ƙarfi shi ne a mayar da maganar yadda ta fito:

(4) Marigayin ya ce wa ƙaninsa, "Gonar taka ce."

In tsarin takardar bai ba da damar haka ba, sai a ambaci sunan: "gonar ta ƙanin ce". Ƙara kalmar kansa, kamar a ce "tasa ce shi kansa", ba ya warware komai. Ƙarfafawa kawai yake yi, kuma kowanne daga cikin mazan biyu na iya ɗaukarsa.

Irin wannan tarko yana nan a ganga mai da. "Matar hakimin da ya rasu" a fili take, haka ma "matar hakimin da ta rasu". Amma sanarwar da ta ce za a yi addu'a ga "ƙanin hakimin da ya rasu" na iya sa a tafi ta'aziyyar mai rai. Sai a ce "ƙanin marigayi hakimi" ko "marigayi ƙanin hakimi", gwargwadon wanda Allah ya yi wa rasuwa.

Akwai kuma ruɗanin da rubutu kaɗai ke haifarwa. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, alhali da su ake bambanta ya na shuɗaɗɗen lokaci, mai dogon wasali da karin sama, da ya na umarni, mai gajeren wasali da karin ƙasa.

(5) Shugaba ya ce ma'aji ya biya kuɗin.

A kunne jimloli biyu ne mabambanta, a takarda kuwa ɗaya ce: ko an riga an biya, ko umarni aka bayar a biya. A jam'i matsalar ba ta tasowa, tunda sun biya daban, su biya daban. A tilo dole marubuci ya taimaka da kalma: "ya riga ya biya", ko "shugaba ya umarci ma'aji da ya biya".

3.0 Inda lamirin ya ɓace

Matsala ta biyu tana tasowa ne a gine-ginen da ba su ɗauke da lamiri sam. Na farko shi ne yankin da aka gina a kan suna ɗan aikatau bayan kalmomi irin su bayan, kafin, domin da ba tare da. Rubutun ilimi yana son wannan gini saboda taƙaitawa da kamalar da ke cikinsa. Sai dai ya ɓoye mai aikin, kuma al'adar mai karatu ita ce ya ɗora aikin a kan aikau na babbar ganga:

(6) Bayan shan magani na kwana uku, likita ya sallami majinyacin.

A zahirin ginin, likitan ne ya kwankwaɗi maganin. Canja wa yankin wuri ba zai amfana ba, domin ko an kai shi ƙarshen jimla yana nan ba mai shi. Maganin shi ne a buɗe shi ya koma cikakkiyar ganga mai aikau da lamiri:

(7) Bayan da majinyacin ya sha magani na kwana uku, likita ya sallame shi.

A lura cewa shi na ƙarshe bai kawo sabon ruɗani ba ko da yake maza biyu ne, domin da likitan ne ya sallami kansa da kansa ɗin za a rubuta.

Gini na biyu shi ne bayanau na yanayi, irin su zaune, tsaye, sanye da, riƙe da, ɗauke da. Waɗannan ba sa sauyawa don jinsi ko adadi, saboda haka ba su da abin da ke ɗaure su ga wani suna sai maƙwabtaka:

(8) Hakimi ya iso a kan doki sanye da alkyabba.

A nan, saɓanin misali na (6), canjin wuri ya wadatar, domin mai alkyabbar yana cikin jimlar, nisa kawai aka yi masa: "Hakimi ya iso sanye da alkyabba, a kan doki." Wannan bambanci shi ke nuna wa mai gyara hanyar da zai bi. Idan madogarar tana nan amma wani suna ya shiga tsakani, a matso da bayanau kusa da ita. Idan madogarar ba ita ce aikau ba, ko ma babu ita, a sake ginin.

Ba kowane yanki maras lamiri ne ke buƙatar gyara ba, kuma mai tsananta ƙa'ida kan ɓata jimla lafiyayya. "Bayan cin abinci, taro ya ci gaba" ba ta ruɗa kowa, domin yankin lokaci kawai ya nuna. Haka ma "Domin gano musabbabin, an yi hira da manoma": an bai ambaci kowa ba, saboda haka ba wanda aka ɗora wa aikin bisa kuskure. Haɗarin yana inda aikau na babbar ganga zai iya aikata aikin, ko kuma hoton sa yana aikatawa zai ba da dariya.

4.0 Gwaji a kan jimla ɗaya

Hanyar ganowa ita ce a ja layi a ƙarƙashin kowane wakilin suna da kowane suna ɗan aikatau, a tambayi kowanne "wa?", sannan a ƙirga sunayen da ke iya amsawa. Ga jimla irin ta rahoton taro:

(9) Bayan kammala bincikensa, shugaban kwamiti ya shaida wa akawun cewa ya yi kuskure.

Kammala: wa ya kammala? Ginin ya ce shugaban. Bincikensa: a nan mahaɗin mallaka yana da fuska biyu, binciken da mutum ya gudanar ko binciken da aka yi a kansa, kamar yadda "binciken 'yan sanda" ke iya zama nasu ko a kansu. Ya yi kuskure: maza biyu ne ke iya amsawa, kuma ɗaya fassarar neman afuwa ce, ɗayar tuhuma. In tuhumar ake nufi, ga yadda jimlar za ta tsaya:

(10) Bayan da kwamiti ya kammala binciken da ya yi a kan akawun, shugaban kwamitin ya shaida masa cewa shi akawun ne ya yi kuskure.

Jimlar ta ƙaru da kalmomi, kuma an ambaci akawun sau biyu. Masa ya tsira ba tare da gyara ba, domin shugaban ba zai shaida wa kwamitinsa abin da kwamitin ya riga ya gano ba, kuma "shi akawun" da ke biye ya toshe sauran ƙofar. Ya fi kyau wanda bai san labarin ba ya yi wannan gwaji, domin marubucin ya riga ya san amsar kowace "wa?", kuma idonsa zai cike gurbin da babu kowa a ciki.