Idan Fitsari Ya Ɗauke Farat Ɗaya: Darasi Kan Ƙoda



Darasinmu na yau kan ƙodar da take lafiya lau ne, sai ta tsaya da aiki cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Babbar alama ita ce fitsarin baligi na yini da dare ya kasa cika ledar fiya wata ɗaya, wato ƙasa da mililita 400.

Ku ɗauki ƙoda kamar injin ban ruwa a lambu. Idan ruwa ya daina zuwa, ko rijiya ce ta ƙafe, ko injin ya lalace, ko tiyo ya toshe.

Na ɗaya, rijiya ta ƙafe: jini bai isa ƙoda ba, saboda amai da gudawa, ko zubar jini wajen haihuwa. Za ka ga ƙishirwa, busasshen harshe, ido ya faɗa, ga jiri in an miƙe. In an mayar da ruwan jiki da wuri, fitsari yakan dawo cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Na biyu, injin ya lalace: naman ƙodar ne ya taɓu. Zazzabin cizon sauro mai tsanani, saran kububuwa, allurar jentamaisin barkatai da haɗe-haɗen da ba a san me ke ciki ba duk suna jawo shi. Fitsari yakan yi baƙi ko kumfa, fuska da ƙafa su kumbura. A nan ɗura ruwa illa ce, don yana taruwa a huhu.

Na uku, tiyo ya toshe: fitsarin yana nan, hanya ce babu. An fi ganinsa ga dattawa masu kumburin furostet, da masu tsakuwa ko tsohuwar tsargiya. Galibi mara takan cika tam, ana jin fitsari amma sai ɗigo. Robar fitsari kan buɗe hanya nan take.

Da damina aka kawo mini wani manomi daga wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana. Kwana biyu yana gudawa, yana ta shan diklofenak don ciwon jiki. Na taɓa mara, ba komai; ƙafa ba kumburi; harshe ƙayau. Na ce wannan na ɗaya ne, amma ƙwayar nan tana rage jinin da ke shiga ƙoda, tana neman mayar da shi na biyu. Ban ba shi saiwa ko ɗaya ba. Muka haɗa ruwan gishiri da sukari, aka wuce da shi asibiti, aka yi ƙarin ruwa. Rana ta biyu fitsari ya dawo, alhamdulillah.

Don Allah, kada a ba irin wannan mara lafiya kanwa ko jiƙon sa fitsari. Gwajin kiriyatinin a jini da hoton ƙoda su ke tabbatar da dalili. A tafi asibitin Batsari tun da rana, tunda hanyoyinmu ba sa biyuwa da dare. In abin ya kai ga wankin ƙoda, sai Katsina.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Ku tura wa 'yan uwa.