Nazarin Gwajin Sadarwar Talabijin da Rajistar Rawuta Wajen Bambance Ɓacewar Ƙunshin Bayanai da Karon Adireshi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsaloli biyu da ke haddasa yankewar hoto a talabijin mai amfani da intanet, wato ɓacewar ƙunshin bayanai da karon adireshi. An nuna cewa alamarsu ɗaya ce ga mai kallo, amma sawun da kowace ke bari a rajistar rawuta daban ne. An yi amfani da rawuta mai manhajar OpenWrt wajen kawo misalai.

1.0 Gabatarwa

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule a kan intanet. Ana yanyanka shi ne zuwa ƙananan ƙunshi, kowane ɗauke da adireshin inda za shi. Ƙunshi na iya salwanta a hanya saboda raunin sigina ko cunkoso. Yana kuma iya isa lafiya amma ga na'urar da ba ita aka nufa ba, idan na'urori biyu suka ɗauki adireshin IP guda. Hali na farko shi ne ɓacewa, na biyu kuwa karon adireshi. Da yake maganinsu ba ɗaya ba ne, wajibi ne a tantance su kafin a taɓa komai.

2.0 Abin da Talabijin ke Nunawa

Galibin talabijin suna da shafin gwajin sadarwa mai nuna zango biyu: daga talabijin zuwa rawuta, sannan daga rawuta zuwa intanet. Abubuwa uku ya kamata mai bincike ya rubuta daga shafin: adireshin IP, da lambar MAC wadda ke bambance na'urar da sauran, da kuma yadda aka sami adireshin, ko rawuta ce ta bayar ta hanyar DHCP ko da hannu aka shigar.

Idan adireshin ya fara da 169.254, talabijin ya nemi adireshi bai samu ba, sai ya laƙaba wa kansa. Sai dai shafin yana da iyaka. Gwajinsa na 'yan daƙiƙoƙi ne, don haka yana iya cewa komai lafiya alhali matsalar na zuwa tana tafiya.

3.0 Auna Ɓacewar Ƙunshi

A ɗauka talabijin yana kan 192.168.1.120. Daga cikin rawuta ana aika masa ƙunshi ɗari, sannan a aika wasu ɗari zuwa wani adireshi na waje:

```
ping -c 100 192.168.1.120
ping -c 100 8.8.8.8
```

A ƙarshen kowane gwaji layin `packet loss` zai faɗi kason da bai dawo ba. Idan na waje ne kaɗai ya nuna asara, matsalar ba ta cikin gida ba ce. Idan kuwa na farko ne ya nuna, kuma lokacin amsa yana tsalle daga 'yan milisakan zuwa ɗaruruwa, sai a zargi siginar wayifai. Ana tabbatar da zargin da umarnin `iw dev phy0-ap0 station dump`, bayan an sa sunan da rawutar ta ba wayifai ɗinta. A ƙarƙashin lambar MAC ta talabijin za a ga `signal`, da `tx retries`, da `tx failed`. Sigina ta -50 dBm mai ƙarfi ce, ta -80 dBm kuwa mai rauni ƙwarai. Ba yawan `tx failed` ake dubawa ba, saurin ƙaruwarsa tsakanin dubawa biyu shi ne hujja. A rajistar da umarnin `logread` ke fitarwa ma ana iya cin karo da `disconnected due to excessive missing ACKs`, ma'ana rawuta ta yi ta aika saƙo talabijin bai amsa ba, har ta sallame shi.

4.0 Gano Karon Adireshi

A nan ne `ping` ke yaudarar mai bincike. Umarnin yana tambaya ne ko akwai mai amsawa a adireshin, ba ya tambayar ko wane ne. Idan wata waya ta ɗauki adireshin talabijin, ita za ta riƙa amsawa a madadinsa, sakamako ya nuna babu asara ko kaɗan, alhali hoto ya tsaya cik.

Ga yadda hakan ke faruwa. OpenWrt, bisa tsarinta na asali, tana raba adireshi 150 daga 192.168.1.100 zuwa 192.168.1.249, kowanne na tsawon awa 12. A misalinmu an shigar wa talabijin 192.168.1.120 da hannu, wato a tsakiyar rumbun da rawuta ke rabawa, ba tare da saninta ba. Manhajar dnsmasq mai rabon takan gwada adireshi da `ping` kafin ta bayar, to amma talabijin a kashe yake lokacin da wayar ta shigo, sai ta ɗauka babu mai shi. Umarnin `logread -e dnsmasq-dhcp` zai nuna layi irin wannan:

```
DHCPACK(br-lan) 192.168.1.120 9a:3c:71:0e:52:b4
```

Lambar MAC da talabijin ya nuna a shafinsa ita ce 00:00:5e:00:53:01, ba wannan ba. Haka kuma harafi na biyu na lambar da ke rajista `a` ne, kuma duk lambar da ke da 2, 6, a ko e a wannan gurbi ba ta masana'anta ba ce, irin wadda wayoyi ke ƙirƙira don ɓoye kansu ce.

Da aka kunna talabijin, sai na'urori biyu suka riƙa amsa tambayar ARP, wadda da ita rawuta ke neman sanin mai adireshi. Rawuta lamba ɗaya take riƙewa a lokaci guda, saboda haka bidiyo yakan tafi daidai na ɗan lokaci, sannan ya yanke gaba ɗaya idan ta koma kan lambar wayar. Ana kama wannan da umarnin da ke ƙasa, bayan an girka `iputils-arping`:

```
arping -b -c 3 -I br-lan 192.168.1.120
```

Amsa daga lambobin MAC biyu mabambanta hujja ce da ba ta da ja. Akwai kuma wata shaida. Ƙa'idar RFC 2131 ta 1997 ta tanadi cewa na'urar da ta tarar ana amfani da adireshin da aka ba ta ta mayar da shi da saƙon `DHCPDECLINE`. Bayyanarsa a rajista na nufin karo ya auku ko ya kusa aukuwa.

Gyaran shi ne a mayar da talabijin kan DHCP, a keɓe masa adireshi a rawuta bisa lambarsa ta MAC, ko a ba shi wanda ke wajen rumbun, kamar 192.168.1.50. Sannan a cire wayar daga wayifai a sake haɗa ta.

5.0 Iyakokin Rajista

OpenWrt tana ajiye rajistarta da fayil ɗin `/tmp/dhcp.leases` a ma'adanar wucin gadi, wadda ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke. Kashe rawuta a kunna, wanda shi ne abin da mutane ke fara yi, yana shafe shaidar. Bugu da ƙari, bayan dawowar wuta agogon rawuta ba ya daidaita sai ta sami intanet, don haka lokutan layukan farko ba abin dogaro ba ne. Dole kuma a yi gwaji talabijin na kunne wayar na haɗe, in ba haka ba amsa ɗaya za a samu.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɓacewar ƙunshi tana bayyana ne a matsayin asara warwatse tare da raunin sigina, karon adireshi kuwa yana zuwa da yankewa gaba ɗaya wadda `ping` kan kasa gani. Saboda haka, kafin a gaskata kowane sakamako, a fara gwama lambar MAC da ke shafin talabijin da wadda rawuta ta danganta da adireshinsa.