Idan Ba Za Ka Je Intabiyu Ba

Masu ɗaukar aiki sukan tsara ranar intabiyu tun da wuri. Manaja ya ajiye aikinsa, sakatare ya fito da takardu, kowane mai neman aiki an ba shi lokacinsa. Idan an kira sunanka aka ji shiru, an ɓata wa mutane lokaci, kuma sunan nan ba za su manta da shi ba. Idan kuwa ka sanar da su, ko da saura awa biyu ne, za su iya kiran wani a gurbinka.

Mu ɗauki misalin wani direba. Wata makaranta mai zaman kanta ta kira shi intabiyu ranar Talata da ƙarfe 10 na safe. Ranar Litinin da la'asar sai wani kamfani ya ɗauke shi aiki, aka ce ya fara washegari.

Kafin ya taɓa waya, sai ya tabbatar sabon aikin ya kama. An ba shi takardar ɗaukar aiki? An faɗi albashi da ranar farawa? Idan alkawarin baki ne kawai, kada ya janye, domin kowa ya san "zo gobe" ba aiki ba ne. Haka kuma idan rashin lafiya ce ko rasuwa ta hana shi zuwa, ɗagawa zai roƙa, ya ambaci ranar da zai iya zuwa. Janyewa ta wanda ya fasa neman aikin a yanzu ce.

Direbanmu ya karɓi takardarsa, don haka janyewa zai yi. Lokaci ya ƙure, saboda haka kira ya fi saƙo. Ya sa kati ya kira lambar da aka gayyace shi da ita. Filashin ba shi da wuri a nan.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne wane, direban da kuka ba ƙarfe 10 gobe. Na kira ne in ba da haƙuri, ba zan samu zuwa ba, na samu aiki a wani wuri. Na ga ya kamata in sanar da ku da wuri, ko za ku ba wani lokacin."

"To, madalla. Allah ya sa albarka."

"Amin, na gode da kuka kira ni. Don Allah a bar takarduna a wurinku, ko Allah zai sa mu yi aiki tare nan gaba."

Magana ta ƙare a minti ɗaya. Bai faɗi albashin sabon wurin ba, bai kushe nasu ba. Dalili ɗaya ya bayar, kuma na gaskiya. Wasu sukan ƙirƙiro rasuwa ko hatsari don kunya. Wannan kuskure ne babba: direba a kan titi yake wuni, kuma ba wuya manajan da aka ce wa ana asibiti ya gan shi da motar wani kamfani a ranar.

Bayan kira sai ya tura saƙo a rubuce, domin wanda ya ɗauki waya yana iya mantawa bai gaya wa manaja ba. Ga abin da ya rubuta:

"Salam. Ni ne wane, mai neman aikin direba. Ina ba da haƙuri, na janye daga intabiyun Talata ƙarfe 10. Na gode. Ina fata a tuna da ni nan gaba."

Idan ta WhatsApp ka tura, duba alamar da ke ƙasan saƙon. Alama ɗaya tana nufin ya bar wayarka amma bai isa ba. Alama biyu, ya isa wayarsu. Idan har safiya alama ɗaya ce, ko kira bai shiga ba, to ka rubuta a takarda ka kai ofishin, ko ka aiki wani ya miƙa wa sakatare kafin lokacin intabiyun.

Saura mutum ɗaya da ake yawan mantawa, wato wanda ya yi maka hanya. Shi ya kai takardunka, shi ya ce kai mutumin kirki ne. Kada ya ji labari a bakin manaja. Ka kira shi a ranar, in da hali ka je gida ka yi masa bayani.

Wannan duka ya fi aiki a kamfani, makaranta, asibiti ko shago, inda mutum ɗaya ko biyu suke yanke shawara. A ɗaukar aikin gwamnati da ake tantance jama'a da yawa rana guda, da wuya a sake maka rana. Sai ka jira wata sanarwar. Ko a kamfanin ma, sau ɗaya ake yi wa mutum uzuri. Wanda ya janye sau biyu a wuri guda, kada ya sa ran kira na uku.

Yanzu ɗauki alƙalami. Rubuta naka saƙon da sunanka, aikin da kake nema, rana da lokaci, kada ya wuce layi huɗu. Ka karanta wa wani ya gyara maka.