Murabba'i Nawa Ne a Wannan Zane?

Wannan tambaya tana yawan fitowa a gasar kacici-kacici, kuma tana cinye maki ba gaira ba dalili. Mutum zai ɗora yatsa a kan zane yana ƙirgawa, ya samu 26, ya sake ya samu 31, na kusa da shi ya rantse 28 ne. Mu a kulob ɗinmu mun zauna da takarda da rula, mun ga cewa dabara biyu suna kashe wannan gardama: a ƙirga girma-girma, sannan a kama kowace siffa ta kusurwa guda ɗaya tak.

Ku yage takarda daga bayan littafin lissafi ku gwada tare da mu. Ku zana babban murabba'i, ku raba shi gida huɗu a tsaye, gida huɗu a kwance. Ƙananan gidaje 16 ne, wannan kowa ya gani. Rikicin yana farawa ne a kan masu faɗin gida biyu da tsawon gida biyu, domin suna hawa kan juna. Wanda ya raba zanen kashi huɗu zai ce 4 ne, ya manta da waɗanda suka ratsa layukan tsakiya.

A nan kusurwa take aiki. Kowane murabba'i yana da kusurwar sama ta hagu guda ɗaya, ba ya raba ta da wani mai girmansa. Sai mu daina bin murabba'in da ido, mu tambayi kanmu: a ina wannan kusurwa za ta iya zama ba tare da siffar ta fita waje ba? A layin sama za ta zauna wuri uku, in ta matsa na huɗu gida ɗaya ya leƙa waje. Zuwa ƙasa ma sau uku za ta sauka. Uku sau uku, 9. Masu gida uku suna da wuri biyu a kwance, biyu a tsaye, wato 4. Sai babban da ya ɗauke su duka, 1, wanda masu gaggawa suka fi mantawa da shi. Jimla: 16 + 9 + 4 + 1 = 30. Ku lura cewa kowace lamba a nan wata lamba ce sau kanta. In kun samu 8 ko 10 a mataki na biyu, kun tsallake ɗaya ko kun maimaita.

Masu shirya tambaya ba sa tsayawa nan. Sukan ɗora wasu murabba'ai biyu a kan zanen, kowanne girman gida ɗaya, tsakiyarsa daidai kan mahaɗar layuka: ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, a kan layin tsaye na tsakiya. Talatin ɗinmu suna nan, ba abin da ya taɓa su, kada a sake ƙirga su. Abin da ya ƙaru kawai za mu nema. Layukan da ke ƙarƙashi sun yanka kowane sabo gida huɗu, to ƙanana 4 da shi kansa, 5. Biyun sun ba da 10, amsa ta zama 40. Guntayen da suka rage a gefensu masu kama da harafin L ba murabba'i ba ne, a ƙyale su.

Alwatika ta fi wayo, don tana iya kifewa. Ku zana babba, ku raba kowane gefe gida huɗu, ku haɗa ɗigogin da layukan da suka bi gefunan. A nan tsini muke kamawa. Masu tsini sama: ƙanana 10, masu hawa biyu 6, masu hawa uku 3, babbar 1, sun zama 20. Yanzu ku juya takardar, ƙasa ta koma sama, don ido ya fi ganin wadda take zaune daram. Ƙananan kifaffu 6 ne. Mutane da yawa a nan suke ajiye biro su rubuta 26. Amma akwai wata kifaffiya mai hawa biyu a tsakiya: gindinta shi ne layin kwance na tsakiya, tsininta ya taɓa tsakiyar gindin babbar. Da ita amsa ta cika 27.

Mun ga ya fi sauƙi a sa ɗigon fensir a kan kusurwar duk wadda aka ƙirga, a rubuta jimlar a gefe, a goge ɗigogin kafin a shiga girma na gaba. Ga aikin wannan mako: allon dara na Turawa, mai gida takwas-takwas. Ku fara da 64, ku sauka har zuwa 1. Akwatin kulob yana ƙarƙashin wannan allo, za mu buɗe shi ranar Juma'a kafin a tashi.