Yadda ake rubuta wa mai gida wasiƙa kan tsagewar bango

A Wudil, ɗan hayan da ya ga bango ya tsage bayan damina yakan buga wa mai gida waya ya ce, "Alhaji, gida fa ya tsage." Alhaji ya ce a yi haƙuri, zai turo magini ya shafa siminti. Maganar ta wuce ke nan. A garin da ke bakin kogi, wanda ƙasarsa take shan ruwa a Agusta ta bushe ƙarau da bazara, bai kamata a bar irin wannan magana a waya ba. A rubuta, a haɗa da hoto.

Fara da hoton. Kowace tsaga a yi mata guda biyu: ɗaya daga nesa, yadda taga da kusurwar ɗaki za su fito, ɗaya daf da ita da rula a gicciye a kanta. Hoton da ba rula a ciki ba ya gaya wa kowa faɗi. Idan ba rula, katin cirar kuɗi ma ma'auni ne, kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba. Ka auna a sama da ƙasa, sannan ka zagaya waje ka duba ko tsagar ta ɓulla ta bayan bango. Wadda ta tsaya a filasta daban take da wadda ta ratsa bulo.

Faɗi yana da sauƙin karantawa. Hukumar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa shi mataki-mataki: abin da bai wuce milimita 5 ba yawanci gyaran shafe ne, daga 5 zuwa 15 ƙofa da taga sukan fara cijewa, abin da ya haura 25 kuwa ginin na iya zama haɗari.

Inda tsagar ta nufa ne ya fi buƙatar natsuwa. Wadda ta miƙe tsaye, siririya, faɗinta ɗaya sama da ƙasa, galibi bushewar siminti ce ko zafin rana. Wadda ta kwanta a ƙarƙashin linta ko dekin, musamman idan akwai jan tsatsa a bakinta, tana iya nufin rodi ya yi tsatsa ya kumbura yana ture kankare. Wadda nake tsoro ita ce mai tafiya a karkace, tana bin gaɓar bulo kamar matattakala, ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fi buɗewa a sama. Wannan takan nuna wani ɓangare na harsashin ginin ya zauna ya bar ɗan'uwansa, kuma kan tsagar na sama yakan karkata ne wajen ɓangaren da ya nutse. Sai ka je wajen ka duba ƙasa. Sau da yawa za ka tarar da indararo yana zuba a gindin bango, ko sokawe a kusa, ko kwatar da ta toshe.

Kafin ka rubuta, ja layi da fensir a ƙarshen tsagar ka sa kwanan wata. Bayan mako biyu ka sake aunawa a wuri ɗaya. Tsagar milimita 3 da ke ƙaruwa ta fi ta 6 da ta shekara a tsaye damuwa.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai halin da bangon gabas na ɗakin kwana yake ciki. A hoto na 1 da na 2, tsaga ta taso daga saman taga ta haura a karkace zuwa kusurwar kudu. Faɗinta milimita 2 ne a ƙasa, 6 a sama, kuma ana ganin ta ta waje. Ranar 3 ga Satumba samanta milimita 4 ne, yau 17 ga wata ya kai 6. Tagar ta daina rufuwa. Hoto na 3 indararo ne da ke zuba a gindin wannan kusurwar. Ina zaton harsashin ya zauna ta nan, amma injiniya ne zai tabbatar. Ina roƙon a turo shi ya duba kafin a shafe, a kuma karkatar da ruwan. Allah ya ƙara girma."

Kalmar "ina zaton" tana da amfani. Hoto ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ka rubuta "gida zai rushe" mai gida zai ɗauka neman ragin kuɗin haya kake. Ka sa hannu da kwanan wata, ka riƙe kwafi, ka tura hotunan ta waya ga shi ko wakilinsa. Amma idan bango ya yi ciki, ko kana jin ƙasa tana zubowa daga tsagar da dare, fitar da iyali daga ɗakin tukuna, wasiƙa ta biyo baya.